Jimlar farko a bayanin kai: tambayoyin da masu sana'a iri ɗaya suka fi yi

Na daɗe ina taya masu sana'a rubuta ɗan bayanin da ake sawa a saman shafin Instagram, ko a takardar neman tallafi, ko a shirin taro. Yawancinsu teloli ne, shi ya sa misalan da ke ƙasa na ɗinki ne. Tambayoyin kan zo da kalmomi daban-daban, amma damuwar guda ce: mutum ya duba na abokan sana'arsa ya ga kamar hannu ɗaya ne ya rubuta musu duka, har da nasa.

Me ya sa bayanin kowa ke fitowa iri ɗaya, alhali ba kwafar juna muka yi niyya ba?

Saboda duk wanda ya zauna rubutawa yakan fara leƙa na wanda ya riga shi, don ya ga yadda ake yi. Wanda ya leƙa ɗin shi ma na wani ya leƙa. A haka jimloli huɗu ko biyar suka zama kamar rigar makaranta: ƙwararren tela, ɗinkin zamani na maza da mata, inganci da rahusa, muna turawa ko'ina a faɗin ƙasa, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Babu ƙarya a cikinsu. Matsalarsu ita ce kowane tela yana iya faɗinsu, mai kyau da marar kyau, don haka ba sa taimaka wa mai zaɓe ya zaɓa. Matar da ta sayo shadda a Kantin Kwari tana neman wanda za ta ba wa ta riga ta san cewa kai tela ne, tunda telan ta nema. Abin da ba ta sani ba shi ne me ya sa za ta tsallake shaguna goma ta zo naka. Idan layin farko ya ƙare wajen gaya mata abin da ta sani, ta wuce kafin ta kai layi na biyu.

Ta yaya zan gane nawa ma yana cikin wannan sahu?

Cire sunanka, ka sa na telan da ke maƙwabtaka da kai, ka sake karantawa. Idan jimlar ta zauna masa daram babu inda ta zama ƙarya, to ba taka ba ce, ta sana'ar ce baki ɗaya.

Dubi kirarin garuruwa. Ana ce wa Kano tumbin giwa, ana ce wa Katsina ɗakin kara. Ba wanda zai musanya su, domin kowane kirari ya kama wani abu da garin ya keɓanta da shi. Da an ce wa Kano "gari mai albarka", da kowane gari ya amsa. Jimlar farko ta bayaninka tana buƙatar irin wannan kamun: ta yi maka daidai, ta yi wa maƙwabcinka kaɗan ko ta yi masa yawa.

To a ina ake samo abin da ya bambanta ni? Na yi tunani har na gaji, ban ga komai ba.

Ba ka gani ba ne saboda a cikin kanka kake nema, kuma abin da mutum yake yi kullum ba ya ganinsa a matsayin wani abu na musamman. Wurare uku nake tura mutane.

Na farko, bakin masu kwatance. Duk mai sana'a da ya ɗan jima yana da wata jimla da ake faɗa a bayan idonsa lokacin da ake tura masa wani. Ba wanda ke cewa "je wurin ƙwararren telan nan". Abin da ake cewa shi ne "kai wa wanda ya iya wuyan kaftani", ko "akwai wata a Tarauni da ke zuwa gida ta yi awo", ko "shi ba ya karɓar ɗinki bayan goma ga azumi, amma in ya karɓa ka samu". Wannan jimlar ta riga ta yi aiki, ta kawo maka mutane da ƙafarsu. Ka tambayi mutum biyar daga cikin waɗanda suka taɓa turo maka wani: da kika turo ta, me kika ce mata? Kada ka tambaye su ra'ayinsu game da aikinka, domin za su yaba maka don kara, kuma yabon zai fito da kalmomin nan na kowa da kowa. Ainihin abin da suka faɗa kake so, ko da bai yi daɗin ji ba.

Na biyu, littafin awo. Buɗe shi ka ƙirga ɗinki talatin ko arba'in na baya-bayan nan. Su wa suka kawo, don wane buki, wane irin yadi, me suka dawo suka sake kawowa? Sau da yawa abin da mutum yake zaton shi ne aikinsa daban, abin da littafin ke nunawa daban.

Na uku, abin da kake ƙi. Aikin da ba ka karɓa, da ƙa'idar da ka riƙe ko da ta sa ka rasa kuɗi, sukan bambanta ka fiye da abin da kake yi, domin kowa na ɗinki amma ba kowa ke da iyaka ɗaya ba.

Ko za a nuna mana yadda ake yi tun daga farko har ƙarshe?

Mu ɗauki misalin wata tela a Tarauni da ke Kano, mai keke biyu da yarinya ɗaya mai koyo. Bayaninta na farko yana cewa: "Ƙwararriyar mai ɗinkin zamani. Atamfa, leshi, shadda. Inganci da rahusa. Gamsuwarku ita ce burinmu." An sa sunan maƙwabciyarta a kai, ya zauna.

Ta buɗe littafin awo. A cikin ɗinki 40 na ƙarshe, a ce 17 na masu jego ne, kayan fitar suna. Ita ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin fanni ba. A ganinta dai mata ne ke kawo ɗinki. Da ta tambayi masu turo mata mutane, uku daga cikin biyar suka faɗi abu ɗaya: "na ce mata za ki zo har gida ki auna ta."

Nan ne ake tsayawa a tambayi dalili, domin dalilin shi ne bayanin. Tsakanin haihuwa da suna kwana bakwai ne. Awon da aka yi wa mace tana da ciki ba zai yi mata bayan haihuwa ba, na kafin cikin ma haka. Maijego kuma ba ta fita zuwa shago a wannan makon. Saboda haka dangi kan ɗauki tsohuwar rigarta su kai wa tela ya kwatanta, ranar suna riga ta matse a ƙirji ko ta yi buhu a ciki. Ita wannan telar tana zuwa rana ta biyu ta yi awo, ta kawo ɗinkin kafin ranar suna, kuma tana sa zif a ɓoye a gaban rigar don shayarwa ba sai an tuɓe ba. Duk wannan tana yinsa shekaru, babu kalma ɗaya a kansa a bayaninta.

Gwajin farko na sabuwar jimla ya fito haka: "Ina son taimaka wa mata masu jego su yi kyau ranar suna." An matso, amma jimlar tana magana a kan abin da take so, mai karatu kuwa abin da za a yi mata take nema. Gwaji na biyu: "Ƙwararriya a ɗinkin masu jego." Ya fi, sai dai "ƙwararriya" ta dawo, kuma babu hujja. Na uku shi aka bari:

"Ɗinkin fitar suna a kwana 5. Nakan zo gida in auna maijego, riga da zif ɗin shayarwa a ɓoye. Tarauni, Kano."

Babu kalmar yabo ko ɗaya a ciki. Akwai wanda ake yi wa, akwai wa'adi, akwai abin da take yi wanda shagon gefe ba ya yi, akwai wuri. Yayar maijego da ta karanta wannan da dare, washegarin haihuwa, ta san wa za ta kira. Ki lura kuma da kwana biyar ɗin: ba a rubuta shi don ya yi daɗi ba. An duba littafin an ga a cikin kwana huɗu take gamawa, aka ƙara ɗaya saboda ɗaukewar wuta.

Idan na ce ɗinkin suna nake yi, masu kawo ɗinkin Sallah da na biki ba za su gudu ba?

Wannan tsoron shi ke mayar da mutane kan jimlar kowa da kowa, kuma na fahimce shi, domin Sallah ce kakar tela. Amma jimlar farko ƙofa ce, ba ita ce gidan duka ba. Layi na biyu zai iya cewa "ana karɓar sauran ɗinkin mata", hotunan da ke ƙasa kuma suna nuna atamfa da leshi. Maijegon da aka fitar kunya ranar suna ita ce za ta kawo ɗinkin Sallarta, ta kawo na ƙannenta.

Akwai dai inda tsoron yake da gaskiya. Idan abin da ka zaɓa kashi kaɗan ne na aikinka, ko kuwa ba ka son yinsa, kada ka sa shi a gaba don kawai ya fita daban. Abin da ka sa a layin farko shi za a riƙa kawo maka. Telan da ya rubuta cewa yana gyaran tsofaffin kaya, alhali ɗinkin ango yake so, zai wayi gari shagonsa cike da wanduna masu neman ragi.

Malam, wannan ba yabon kai ba ne? An ce yabon kai jahilci.

Abin mamaki, tsohon salon ne ya fi kusa da yabon kai. "Ƙwararre", "gogagge", "na ɗaya a gari" hukunci ne da mutum ya yanke wa kansa. "Nakan zo gida in yi awo" labari ne na abin da kake yi, wanda kowa zai iya gwadawa ya gani. Kunyarmu ba ta hana mai sana'a faɗin abin da yake sayarwa. Mai talla ma yana kiran kayansa da suna.

A Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya ambaci siffofi biyu kawai, tsarewa da sani, waɗanda su ne aikin ke buƙata. Wanda kunya ke hana shi rubutu ya yi la'akari da wannan ma'auni: faɗi abin da aikin ke nema daga gare ka, wanda gaskiya ne, ka tsaya nan.

Ni sabuwa ce, wata shida da gama koyo. Ba ni da littafin awo mai kauri, ba ni da masu kwatance.

Kada ki ari shekarun da ba ki yi ba, za a gane a ɗinkin farko. Abin da sabo yake da shi wanda tsoho ya rasa shi ne lokaci da kusanci. Babban shago ba zai karɓi gyaran zif ko ragin riga a yau ya bayar a yau ba, ke za ki iya. Babban shago ba ya ɗinka kayan makaranta guda biyu, sai dozin. Idan a unguwarku babu tela mace da matan aure za su shiga wurinta a sake, wannan kaɗai ya isa jimlar farko.

Inda kika koya ma yana iya zama hujja idan an san wurin da wani aiki. Wanda ya koyi aikin babbar riga na hannu a cikin birnin Zariya, yana iya fitar da aska biyu da aska takwas da allura, ya faɗi haka kai tsaye, domin masu sa babbar riga sun san bambancin aikin hannu da na inji. Amma ki nemi izinin wanda ya koya miki kafin ki sa sunansa.

Ki ɗauki jimlar ta yanzu a matsayin ta wucin gadi. Bayan ɗinki talatin, littafin zai gaya miki wadda ta fi ta.

A takardar neman tallafi ko shirin taro fa? Ba da haihuwa da makaranta ake farawa ba?

Mun saba da wannan tsari: an haife shi a gari kaza shekara kaza, ya yi firamare a nan, sakandare a can. Tsari ne da ya dace da tarihin wanda aka riga aka san shi, inda mai karatu ke son jin asalinsa. Mai tantance takardun neman tallafi bai san ka ba, kuma yana da tarin takardu a gabansa da duk suka fara da haihuwa. Kafin ya kai sakin layi na uku inda aikinka yake, hankalinsa ya tafi.

Juya tsarin. Fara da abin da kake yi yanzu da wanda kake yi wa, sannan hujja ɗaya mai adadi da za ka iya kare ta idan an tambaya, sannan karatu da asali a ƙarshe. Telarmu za ta buɗe da cewa tana ɗinka wa masu jego kayan suna a cikin makon haihuwa, tana zuwa gidajensu awo, kusan rabin aikinta ke nan. Shaidar koyon ɗinki da shekarar da ta buɗe shago su biyo baya.

Takardar shaida tana hawa gaba ne kawai idan ita ce abin da ba kowa ke da shi ba a wurin, ko kuwa sai da ita ake yarda da aikin, kamar lasisin likita ko na mai haɗa magunguna. Digirin da duk masu neman suke da shi ba ya bambanta kowa.

A shirin taro da bayan littafi akan rubuta da "shi" ko "ita", domin wani ne zai karanta a gabatar da kai. A shafinka na sada zumunta "ni" ya fi, tunda kai ke magana. Tela ɗaya da keke ɗaya da ke rubuta "muna" yakan sa mai karatu ya zaci kamfani ne, ya zo ya tarar da abin da bai zata ba.

Zan iya farawa da labarin yadda na shiga sana'ar? Tun ina yaro nake son ɗinki.

"Tun ina yaro" ita ma ta shiga cikin jimlolin kowa. Labari yana cancantar layin farko idan ya bayyana yadda kake aiki a yau. Da telarmu ta fara zuwa awo gida ne saboda ranar sunan ɗanta na fari an kawo mata rigar da ba ta shige ta ba, wannan labarin yana da gurbi a dogon bayani, domin shi ya haifi ƙa'idar. Labarin da za a cire ba tare da wani abu ya ragu a fahimtar aikinka ba, a ajiye shi don hira.

Wurin rubutun ƙarami ne. Me zan bari, me zan zubar?

Instagram yana ba da haruffa 150, X yana ba da 160, layin da ke ƙarƙashin suna a LinkedIn yana ɗaukar 220, kuma tazarar da ke tsakanin kalmomi tana cikin lissafi. Jimlar telarmu haruffa 107 ce, ta shiga duka. Inda wuri ya fi haka ƙunci, ga abin da ya rage: "Ɗinkin fitar suna a kwana 5. Awo har gida. Tarauni, Kano."

Abin da ake fara zubarwa shi ne gaisuwa, da kalmomin yabo, da jerin yadudduka, da lambar wayar da akwai wurinta daban. Abin da ba a zubarwa shi ne aikin da unguwa. Mutane da yawa kan rubuta Kano kawai, alhali mai nema yana son sanin ko zai iya zuwa da adaidaita ɗaya.

Wani ƙaramin abu da ke da amfani: yawancin masu bincike a waya ba sa sa ƙugiya, "dinki" suke bugawa. A Instagram ana iya samun mutum ta abin da ya rubuta a gurbin Name, don haka ba laifi a sa kalmar sana'ar a can yadda mutane ke buga ta, a bar cikakken rubutu mai ƙugiya a cikin bayanin.

Na gyara nawa, bayan wata ɗaya na ga wata ta kwafe shi kalma da kalma.

Zai faru, kuma yana da ciwo. Sai dai jimlar da aka gina a kan aiki tana kare kanta. Wadda ta kwafi "nakan zo gida in auna maijego" dole ta je gidan, dole ta gama a kwana biyar. In ba ta iya ba, masu jego biyu sun isa su watsa labarin. In kuwa ta iya, to an samu abokiyar takara ta gaske, kuma lokaci ya yi da za ki sake buɗe littafin ki ga me kika ƙara koya tun daga lokacin: wataƙila yanzu kina haɗa na maijego da na jariri, ko kin san yadda ake barin rara a ɗinki don a rage shi bayan arba'in ba tare da an ɓata riga ba. Wannan sai ya hau gaba.

Yaya zan san sabuwar jimlar tana aiki?

Kada ka duba yawan mabiya. Duba saƙon farko da baƙo ke turo maka. Da tsohon bayani, saƙon yakan zama "nawa kuke ɗinki?", sai a yi ta tambayoyi kafin a gane ko kai ake nema. Idan sabuwar jimlar ta kama, saƙon zai fara ɗauko kalmominka: "ƙanwata ta haihu jiya, za ki iya zuwa awo gobe?" Ka ba ta wata biyu ba tare da taɓa ta ba, kana rubuta a gefen littafin awo abin da kowane sabon mutum ya fara faɗa da inda ya ji labarinka. Idan bayan wannan lokaci har yanzu ana tambayar me kake ɗinkawa, jimlar ba ta fito fili ba. Idan ana zuwa amma da aikin da ba ka so, ka sa abin da ba daidai ba a gaba.

Sai kuma ranar da alkawarin ya daina zama gaskiya. Idan aiki ya yi wa telarmu yawa har kwana biyar ya zama shida, ko azumi ya shigo keken ya cika da ɗinkin Sallah, ta canza adadin a ranar, ko ta ƙara cewa ba ta karɓar na suna sai bayan Sallah. Maijegon da ta dogara da kwana biyar ba ta da wani suna na biyu da za a kawo mata rigar.